Famfon Ruwa Iri Uku: Yadda Za Ka Gane Kowanne da Ido

A bakin yawancin mutane, duk abin da ke fito da ruwa daga ƙasa sunansa famfo ko injin ruwa. Amma wanda ya je kasuwa da wannan suna kaɗai zai iya dawowa da injin da ba zai ɗago ko ɗigo ɗaya daga rijiyarsa ba, ko kuma ya kunna wanda ya sayo ta hanyar da za ta ƙone shi tun ranar farko. Kuɗin famfo ba kaɗan ba ne, kuma idan ya tsaya, ɗalibai ne ke komawa jigilar jarka.

Famfunan da muka fi cin karo da su a makarantu, gidaje da gonaki iri uku ne. Akwai mai farfela da ke zama a sama, wanda a darasin kimiyya ake kira sentirifugal. Akwai mai nutso, wanda masu aikin famfo ke kira samasibul ko sumo. Sai na hannu, wato tuƙa-tuƙa. Kowanne yana da siffar da aikinsa ya tilasta masa, don haka idan ka fahimci dalilin siffar ba sai ka haddace komai ba.

Jawowa da turowa

Kafin ka dubi kowane famfo, tambayi kanka: shin yana zaune ne a sama yana jawo ruwa, ko yana ƙasa cikin ruwan yana turo shi? Duk sauran bambance-bambancen daga nan suka samo asali.

Idan ka sa tsinken shan lemo a kwalba ka zuƙa, abin da ka yi shi ne ka rage iskar da ke cikin tsinken. Iskar waje, wadda ke danne saman lemon da nauyinta, ita ce ke tura shi sama zuwa bakinka. Haka famfon da ke sama yake aiki. Yana rage matsi a cikin bututu, iskar duniya kuma ta danno ruwan. To, nauyin iskar nan yana da iyaka. A bakin teku ba zai iya ɗaga ruwa sama da mita 10.3 ba, ko da famfon ba shi da aibu ko ɗaya. A aikace, saboda gogayyar ruwa da bututu da 'yar iskar da ke satar shiga, iyakar ba ta wuce mita 7 zuwa 8. A wuri mai tudu kamar Jos, inda iska ta fi sauƙi, iyakar ta ƙara raguwa.

Ƙarin ƙarfin inji ba ya sauya wannan. Injin doki goma da na doki ɗaya duk a wannan iyakar za su tsaya wajen jawowa. Turowa kuwa ba ta da irin wannan shinge: muddin akwai ƙarfi kuma bututu zai jure, ana iya tura ruwa mita 50 ko 100 ko fiye. Shi ya sa idan ruwa ya yi nisa, dole a sauke ɓangaren da ke aikin zuwa cikin ruwan. Sumo yana sauka gaba ɗayansa, har da motarsa. Tuƙa-tuƙa kuwa silindarsa kawai ke sauka, ƙarfin yana zuwa daga hannun mutum ta cikin rodi.

Mai farfela: nemi katantanwa

Alamar farko ta famfo mai farfela ita ce gidansa mai kama da katantanwa: zagayayye, mai kumburi, wanda faɗinsa ke ƙaruwa har ya ƙare da baki. A ciki akwai farfela, wato faifai mai lanƙwasassun fukafukai da ke juyawa da gudu. Ruwa yana shiga ta tsakiyar faifan, juyawar ta wurga shi gefe kamar yadda majajjawa ke wurga dutse, gidan kuma ya tattara shi ya kai shi mafita.

Wannan ne ya sa bakunansa biyu ba sa kallon wuri ɗaya. Bakin shiga yana gaba, a fuskar katantanwar, bakin fita kuma yana gefe ko sama. Idan ka ga famfo da bututu ɗaya ya shiga ta fuska, wani kuma ya tashi sama, to kusan ka gama gane shi.

Bayan katantanwar akwai abin da ke juya ta. Idan na lantarki ne, za ka ga mota mai zane-zanen ƙarfe kamar haƙarƙari a jikinta, da murfin fanka mai ramuka a baya, da ɗan akwatin haɗa waya a sama, da ƙafafu masu ramin noti. Haƙarƙarin da fankar suna gaya maka cewa iska ce ke sanyaya wannan mota, saboda haka ba a yi ta don shiga ruwa ba. Idan na fetur ne, za ka gan shi cikin firam na ƙarfe mai kama da na ƙaramin janareta, da tankin mai da igiyar tayarwa. Shi ne injin ban ruwa da manoman rani ke ɗaurawa a bayan babur zuwa fadama, a Kura da Kadawa da Haɗeja da bakin gulaben Sakkwato. Ana kiran girmansa da faɗin bakinsa, inci 2 ko inci 3.

Sai kayan da ke tare da shi. A saman gidan akwai wata 'yar toshiya da ake kwancewa a zuba ruwa kafin a tayar, a ƙasa kuma akwai wata ta zubar da ruwa. Farfela ba ta iya wurga iska da ƙarfin da zai ɗago ruwa, domin iska ba ta da nauyi kamar ruwa, don haka sai an cika gidan tukuna. Wannan toshiya babbar shaida ce, domin sumo ba shi da ita.

Dubi tiyo biyun kuma. Na shiga yana da tauri, da zobba a jikinsa kamar maƙogwaro, saboda matsin cikinsa bai kai na waje ba. Da mai laushi ne da ya manne ya toshe. Na fita kuwa yana iya zama mai laushi, irin wanda ake naɗewa kamar tabarma. A ƙarshen tiyon shiga akwai raga mai hana ciyawa da tsakuwa, sau da yawa tare da bawul mai barin ruwa ya hau amma ba ya barinsa ya koma.

Idan irin wannan famfo yana juyawa amma ba ruwa, abu uku ake fara dubawa: ko ba a cika shi ba, ko iska na shiga ta wani mahaɗi a ɓangaren shiga, ko ruwa ya yi ƙasa ya wuce iyakar jawowa. Na ukun ne ke sa manomin fadama haƙa rami a gefen rijiyarsa idan rani ya yi nisa, ya sauke injin ciki don ya kusanci ruwa. Idan ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a cikin gidan, alama ce famfon yana jawowa daga nesa fiye da kima ko ragar ta toshe. Kumfar tururi ce ke fashewa a jikin farfela, kuma tana cinye ta a hankali. Idan ruwa na ɗiga tsakanin katantanwa da mota, sil ɗin da ke kan sandar juyawa ya lalace, kuma abin da ya fi kashe shi shi ne barin famfo yana gudu a bushe.

Mai nutso: dogo, siriri, ba ƙafa

Sumon burtsatse ba ya kama da inji ko kaɗan. Dogon bututu ne mai ƙyalli, na ƙarfen da ba ya tsatsa, sumul daga sama har ƙasa. Wanda aka fi amfani da shi ana kiransa inci 4, wato kaurinsa bai cika santimita 10 ba, tsawonsa kuma yakan kai kusan mita ɗaya ko ya wuce. An yi shi siriri ne domin ya shige cikin bututun rijiyar. Ba shi da ƙafa, ba fanka, ba haƙarƙari, ba wurin zuba ruwa.

Idan aka kwantar da shi a ƙasa za ka ga kashi uku. Na ƙasa shi ne motar, a rufe ruf. A tsakiya akwai raga da ta zagaye jikin kamar ɗamara, ta nan ruwa ke shiga. Na sama shi ne ɓangaren turo ruwa, kuma a can ƙoli akwai baki guda ɗaya tak mai zare, inda ake ɗaura bututu. Mutane da yawa suna zaton motar ce a sama. An sa ta a ƙasa ne domin ruwa ya bi ta jikinta ya sanyaya ta kafin ya shiga ragar, kuma hanyar fitarsa ta sama ta zama a buɗe.

Kusa da bakin akwai 'yar kafa ta ɗaura igiya, wadda ke riƙe famfon idan bututu ya tsinke. Wayar wuta tana fitowa daga motar, ta bi gefen jikin a ƙarƙashin wani siririn murfi, ta hau sama. Ba a taɓa ɗaga sumo ko sauke shi da wannan waya. Idan ta saɓule daga motar ko ta ɓare, ruwa zai haɗu da wuta.

Ga abin da ke rikita ɗalibai a jarrabawa: a cikinsa, sumo ma farfela ce ke aiki. Bambancin shi ne maimakon babba guda ɗaya, ƙanana ne aka jera bisa juna a kan sanda ɗaya, kowace tana miƙa wa ta samanta ruwa tare da ƙarin matsi. Idan kowace tana ƙara kamar mita 5, guda goma za su ba da mita 50. Saboda haka idan ka ga sumo biyu masu kauri ɗaya, wanda ɓangarensa na sama ya fi tsawo yakan fi kai ruwa nesa, ko da bai fi ba da ruwa mai yawa ba. Kalmar sentirifugal tana bayyana yadda famfo ke aiki ne, samasibul kuma tana bayyana inda yake zama. A kasuwa dai idan an ce na farko, na sama ake nufi.

Tun da sumo yana can ƙasa, yawanci da kayan da ke sama ake gane shi. Za ka ga bakin rijiya a rufe, bututu ya fito tare da waya, wani lokaci da igiya. A bango ko cikin ɗan ɗaki akwai akwatin kunnawa, ko kuma faifan sola a kusa. Idan aka kunna ba ka jin ƙarar inji, sai motsin ruwa a bututu da zubarsa cikin tanki.

Akwai wani mai nutso da siffarsa ta bambanta: gajere ne mai kauri kamar tukunya, da mariƙi a ka, ramukan shigar ruwa a gindinsa, da wata 'yar robar da ke yawo a ƙarshen gajeriyar waya. Robar makunni ce. Idan ruwa ya taso ta ɗaga sai famfon ya tashi, idan ya janye ta faɗi sai ya mutu. Wannan na kwashe ruwa ne daga rami, kududdufi ko tankin ƙasa. Ba ya shiga burtsatse, kuma ba ya kai ruwa sama sosai.

Maƙiyan sumo uku ne. Na farko gudu a bushe: idan ruwan da ke fita ya fara tofi, yana zuwa yana yankewa da iska, rijiyar ta ja ƙasa har bakin ragar, sai a kashe nan take a jira ta taru. Na biyu yashi, wanda ke cinye farfelolin har ruwa ya riƙa raguwa wata bayan wata; shi ya sa ba a ajiye famfon a gindin rijiya, ana rataye shi ne 'yan mitoci sama da ƙasan. Na uku wuta mara ƙarfi, wadda ke sa motar zafi.

Tuƙa-tuƙa: abin da ke sama kai ne kawai

Kowa ya san tuƙa-tuƙa: ginshiƙin ƙarfe da aka dasa cikin daɓen siminti, da doguwar mariƙa, da bakin zubar ruwa, ba waya ba mai. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne famfon kansa ba ya cikin wannan kai. Yana can ƙasa cikin ruwa, silinda ce mai fistin da bawul biyu. Idan ka danna mariƙa ƙasa, rodin da ke cikin bututu ya ɗaga fistin, fistin ya ɗago ruwan da ke samansa, bawul na ƙasa kuma ya buɗe sabon ruwa ya shigo. Idan ka ɗaga mariƙa, fistin ya sauka, bawul na ƙasa ya rufe, ruwan ya ratsa ta bawul ɗin fistin ya hau samansa. Kowane bugu yana ɗago abin da bai kai rabin lita ba.

Iri biyu ne suka fi yawa a ƙasashenmu, kuma ana bambanta su daga nesa. Na farko shi ne Indiya Mak II, wanda aka ƙirƙiro a Indiya cikin shekarun 1970 da tallafin UNICEF. Mariƙarsa miƙaƙƙiyar sanda ce mai nauyi, kansa kuma yana da murfi a karkace ta gaba. Idan aka buɗe murfin za a ga gajeriyar sarƙa, kamar ta babur amma mai kauri, ita ke haɗa mariƙa da rodi. Bututunsa yawanci na ƙarfe ne, inci ɗaya da kwata, kowane tsayi mita 3, kuma yana aiki har zurfin mita 50. Da yake silindar ta fi bututun faɗi, ba a iya kaiwa ga fistin sai an zaro bututun gaba ɗaya, tsayi bayan tsayi. Wannan aikin makanike ne da mataimaka da kayan aiki na musamman.

Na biyu shi ne Afridef, wanda aka inganta a Malawi da Kenya cikin shekarun 1980. Mariƙarsa ta ƙare da sanda a gicciye kamar harafin T, ta yadda mutum biyu za su iya kamawa, kuma ana iya ƙara mata tsawo ko a rage. Ba shi da sarƙa. Bututunsa na roba ne, ya fi silindar faɗi, don haka ana zaro rodi da fistin da bawul ta cikinsa ba tare da an taɓa bututun ba. An tsara shi ne domin mutanen gari su iya canza robobinsa da kansu da sifana ɗaya. Iyakarsa kimanin mita 45. A Nijar za ka kuma ga wanda ake takawa da ƙafa maimakon hannu, ƙirar Faransa. Wannan ba shi da rodi, matsin ruwa ne cikin tiyo ke kai ƙarfin ƙasa.

Akwai kuma ƙaramin famfon hannu wanda silindarsa ke sama, a cikin kan. Gajere ne mai kumburin ciki, bakinsa a buɗe, kuma sau da yawa sai an zuba masa ruwa kafin ya kama. Duk famfon hannun da ake zuba wa ruwa jawowa yake yi, don haka iyakar mita 7 ɗin nan ta hau kansa.

Ana iya gwada lafiyar tuƙa-tuƙa ba tare da an kwance komai ba. Da sassafe, kafin kowa ya taɓa shi, ƙirga bugu nawa za ka yi kafin ruwa ya zo. Lafiyayye yana kawowa cikin 'yan bugu kaɗan, domin bututunsa ya kwana a cike. Idan sai ka yi ashirin ko talatin, ruwan ya zurare cikin dare, wato bawul na ƙasa ko wani mahaɗin bututu yana yoyo. Gwaji na biyu: bayan ruwa ya fara zuwa, yi cikakken bugu 40 cikin minti ɗaya ka tara a bokiti. Sabon famfo yana ba da kusan lita 15. Idan bai kai 10 ba, robobin fistin sun cinye. Idan kuma mariƙa ta yi sakayau, tana hawa tana sauka ba nauyi ba ruwa, rodi ya kwance ko sarƙa ta tsinke.

Mu gwada da misali

Mu ɗauka wata makaranta ta haƙa burtsatse mai zurfin mita 60. Idan ba a ɗiba, ruwa yana tsayawa mita 18 daga bakin rijiya. Idan ana ɗiba ba tsayawa, yana sauka zuwa mita 25 ya tsaya a nan. Akwai tanki mai lita 5,000, bakinsa yana mita 8 sama da ƙasa. A sito kuma an sami famfo uku ba takarda: ɗaya mai katantanwa da ƙafafu, ɗaya dogo mai ƙyalli, ɗaya kuma kai ne da mariƙa mai harafin T. Wanne za a sa?

Mai katantanwar ya faɗi tun a tambayar farko. Ruwa yana mita 18, shi kuma iyakar jawowarsa mita 8 ce. Ko da an rubuta a jikinsa cewa yana kai ruwa mita 30, yawancin wannan nisa na turowa ne. Amfaninsa a wannan makaranta shi ne ɗaga ruwa daga tankin ƙasa zuwa na sama, ko ban ruwan lambu daga kududdufi.

Dogon mai ƙyalli zai iya, amma sai an yi lissafi. Nisan da zai ɗaga ruwa ana ƙirga shi ne daga inda ruwa ke tsayawa lokacin ɗiba, wato mita 25, a ƙara mita 8 na tanki, a ƙara kamar mita 3 saboda gogayya cikin bututu. Jimla mita 36. Lura cewa zurfin rijiyar, mita 60, bai shiga lissafin ba. Haka ma zurfin da aka rataye famfon: ko an sa shi a mita 35 ko 45, ruwan da ke samansa a cikin rijiya yana taimaka masa har zuwa mita 25. Abin da ake buƙata shi ne ya kasance ƙarƙashin ruwa sosai a kowane lokaci, kuma sama da yashin gindi.

Yanzu sai a karanta rubutun jikinsa. Harafin H yana nufin tsayin da yake kai ruwa, Q kuma yawan ruwan da yake bayarwa. HP ƙarfin doki ne, kuma doki ɗaya kimanin kilowat 0.75 ne. Alamar IP68 tana nuna an yi motar don zama cikin ruwa. Famfon sama yakan ɗauki lamba ƙasa da haka, kamar IP44 ko IP54. A ce an rubuta H max mita 60, Q max lita 70 a minti. Waɗannan lambobi biyu ba sa faruwa tare. A mita 60 ruwan zai kai ne kawai ya tsaya, ba ya zuba. Lita 70 kuma sai in kusan ba tsayin da zai hau. A mita 36 za a sami wani abu a tsakani, a ce lita 40. To lita 5,000 a raba da 40 ya ba da minti 125, wato awa biyu da minti biyar tanki ya cika. Da H max ɗin mita 35 ne, da motar za ta yi ta gudu amma ruwan da zai isa tanki ya ragu sosai.

Mai harafin T shi ma zai yi aiki, domin mita 25 tana cikin iyakarsa ta 45, in aka sauke silindarsa kamar mita 30. Sai dai a bakinsa yake zubar da ruwa, ba ya kai shi tankin sama. A lita 15 cikin minti ɗaya, jarka mai lita 20 tana buƙatar bugu hamsin da 'yan kai, lita 5,000 kuma za ta ci awa biyar da rabi ana bugawa ba hutu. Abin da ya fi sauran da shi shi ne ba ruwansa da ɗauke wuta ko tsadar mai. Zaɓi tsakaninsa da sumo ya danganta ne da yawan ɗalibai, da samuwar wuta, da kuma wanda zai gyara idan ya tsaya.

Aikin wannan mako

A kan hanyarka ta gida, tsaya a wurin ɗibar ruwa uku ka duba. Idan ka ga katantanwa, ƙafafu, baki biyu da toshiyar zuba ruwa, mai farfela ne, kuma ruwan da yake ja bai wuce mita 8 ƙasa da shi ba. Idan bututu da waya ne suka fito daga rufaffiyar rijiya ba ƙarar inji, sumo ne. Idan mariƙa ce, dubi ƙarshenta ka ga ko miƙaƙƙiya ce ko mai T, sannan ka nemi izini ka yi gwajin bugu 40. Da ido kawai za ka duba na lantarki: kada ka taɓa waya ko akwatin kunnawa, musamman da jiƙaƙƙen hannu, kuma kada ka jefa komai cikin rijiya. Rubuta abin da ka gani, da litar da ka samu, ka miƙa wa sakataren ƙungiya, za mu manna sakamakon a wannan allo.